Kafin ku ce "rabi da rabi": yadda abokai biyu za su raba jari, riba da aiki

A Tawa, yawancin haɗin gwiwar kasuwanci a fada ake ƙulla shi, a gaban butar shayi. Ɗaya ya dawo daga Abija da ɗan abin da ya tara, ɗaya kuma yana da sana'a a hannu amma ba shi da jari. Sai a ce, "Aboki, mu haɗa, abin da Allah ya kawo mu raba rabi da rabi." A yi musabaha, a shafa fatiha, a tashi. Babu wanda ya tambaya rabin me ake nufi: rabin shagon ne, ko rabin cinikin yini, ko rabin abin da ya saura bayan an biya haya da wuta? Kunya ce take hana tambayar, don kada a ce mutum bai yarda da amininsa ba. Ni kuwa na ga abotar shekara ashirin ta mutu a kan wannan tambayar da ba a yi ba, kuma a cikin mutanen biyu babu ɓarawo.

Abin da nake so ku riƙe abu ɗaya ne. A cikin kowane haɗin gwiwa akwai aljihu uku: jarin da kowa ya zuba, ladan aikin da kowa yake yi, da ribar da ta saura. Rigima tana tasowa ne idan aka zuba su a aljihu ɗaya. Zan bi matakan da misali guda daga farko har ƙarshe. Lissafin na misali ne, ku sa naku alƙaluman a gurbinsa. Mutanen biyu zan kira su Alhaji da Makaniki, suna so su buɗe shagon kayan moto haɗe da wurin gyara. Alhaji yana da harkar hatsinsa, ba zai zauna a shagon ba. Makaniki kuwa nan zai wuni.

Mataki na farko: ku sa wa duk abin da aka kawo farashi

Ku zauna da takarda da alƙalami tun kafin a sayi ko biji ɗaya. Kowa ya faɗi abin da zai kawo, a rubuta. Kuɗin hannu ba shi da wuya: Alhaji miliyan 2, Makaniki jaka 400. Amma ku rubuta shi da alƙaluman sefa, sannan da kalmomi. Mu da muke ƙirga da dala mun san "ɗari" a bakin wani sefa 500 ce, a takardar wani kuma sefa 100. A ƙaramin ciniki wannan ba komai ba ne, amma a takardar da magada za su karanta bayan shekara goma, babban abu ne.

Kayan aiki su ne suka fi jawo gardama. Makaniki yana da injin hura iska, da akwatin sifana, da moton da za a riƙa ɗauko kaya da shi. Shi a zuciyarsa yana tuna kuɗin da ya saye su sababbi, Alhaji kuma yana ganin tsofaffin ƙarafa. Farashin da ya dace shi ne wanda za a saye su yau a kasuwa, a yadda suke. Ku kira mutum biyu masu sana'ar waɗanda ba su da dangantaka da ku, kowa ya yi nasa ƙiyasi ba tare da jin na ɗan'uwansa ba, ku ɗauki tsakiya. A misalinmu kayan aikin sun kama jaka 350, moton jaka 250. Jarin Makaniki ya zama miliyan 1 ke nan, jimillar jari miliyan 3. Alhaji yana da kashi biyu cikin uku, Makaniki kashi ɗaya.

Daga ranar da aka rubuta moton nan a cikin jari, ya daina zama na Makaniki, ya zama na haɗin gwiwa. Ba zai sayar da shi ba idan bikin ƙanwarsa ya taso, kuma idan aka sace shi a kan aikin shago hasarar ta ku biyu ce. In bai yarda da haka ba, babu laifi: a cire moton daga jari, shago ya riƙa biyansa kuɗin amfani da shi duk wata. Haka ma ɗakin da za a buɗe shagon. A ce ɗakin ƙofar gidan su Makaniki ne, gidan gado. Kada ku kuskura ku sa shi cikin jari, domin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ku yanka masa haya kamar yadda za ku biya baƙo, a ce jaka 25 a wata, a riƙa ba mai gidan da rasit.

Domin lissafi ya yi sauƙi nan gaba, ku yanka jarin gida-gida. Miliyan 3 a kan jaka 5 kowane hannun jari ya ba da hannu 600: Alhaji 400, Makaniki 200. Amfanin wannan zai fito lokacin da ɗaya zai sayi wani ɓangare daga hannun ɗaya.

Sai maganar da Makaniki zai kawo, kuma yana da gaskiya: "Alhaji, ai mutanen da za su zo, ni za su biyo. Ƴan kabu-kabun garin nan ni suka sani." Gwaninta da sanayya suna da daraja, sai dai ba a auna su da mudu, kuma idan mutum ya tafi da su yake tafiya. Dokar kamfanoni ta OHADA, wato dokar da ƙasashen Afirka da dama suka haɗu a kanta, wadda Nijar take aiki da ita kuma aka sabunta ta a 2014, ta yarda mutum ya shiga kamfani da aikinsa da iliminsa, amma ba ta lissafa su cikin jari, kuma ta iyakance abin da irin wannan hannun zai samu: kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari na riba da na ƙuri'a, kuma ba a sayar da shi ga wani. A ganina hanyar da ta fi sauƙi ga ƙaramin shago ita ce a biya gwaninta da albashi mai kyau, a kuma buɗe wa mai ita ƙofar sayen ƙarin hannun jari. Zan dawo kan wannan.

Mataki na biyu: ku yanka wa aiki lada, dabam da riba

Nan ne zuciyar maganar. Ku tambayi kanku: da baƙo za mu ɗauka ya yi wannan aikin, nawa za mu biya shi? Wanda zai buɗe shago da safe, ya yi gyara, ya kula da yara masu koyo, ya sayar da kaya har magariba, kwana shida a mako. A ce kun binciko a gari kun ga jaka 80 a wata. To, wannan shi ne albashin Makaniki, kuma ba alfarma aka yi masa ba. Alhaji kuma zai riƙa duba littafi duk ranar Asabar, ya yi hulɗa da dillalai, ya je Ƙonni sayo kaya sau ɗaya a wata. Wannan ma aiki ne, a yanka masa jaka 20. Ana cire albashin nan tare da haya da kuɗin wuta, tun kafin a ambaci kalmar riba.

Bari mu ga shekara guda. An sayar da kayan miliyan 14 da jaka 400, waɗanda aka saro a kan miliyan 11 da rabi, saura miliyan 2 da jaka 900. Kuɗin gyara ya kawo miliyan 1 da jaka 800. Jimilla miliyan 4 da jaka 700. Haya, wuta da ruwa, abin da ake ba yara, lampo, kuɗin mota, kayan da suka lalace da bashin da ya mutu, da ɗan abin da ake warewa don tsufan kayan aiki, duka sun ci miliyan 1 da rabi. Saura miliyan 3 da jaka 200. Albashin mutum biyu na shekara ya kama miliyan 1 da jaka 200, wato jaka 960 na Makaniki, jaka 240 na Alhaji. Abin da ya saura, miliyan 2, shi ne riba.

A bar jaka 500 a cikin shago, a raba miliyan 1 da rabi gwargwadon jari: Alhaji miliyan 1, Makaniki jaka 500. Idan aka haɗa da albashi, Makaniki ya tashi da miliyan 1 da jaka 460 a shekara, Alhaji miliyan 1 da jaka 240.

Da rabi da rabi aka yi ba tare da albashi ba, bayan an bar jaka 500 ɗin nan, kowa zai samu miliyan 1 da jaka 350. Kun ga tazarar ba ta da yawa, shi ya sa a shekarar albarka babu mai lura da cewa tsarin yana da rami. Sai shekarar da kasuwa ta tsaya. A ce an rufe iyaka, kaya sun yi tsada, abin da ya saura bayan ɗawainiyar shago jaka 900 ne kawai. A tsarin rabi da rabi Makaniki zai tashi da jaka 450 a kan aikin wata goma sha biyu, abin da bai kai jaka 40 a wata ba, ga iyali. Mutumin da yake wuni cikin baƙin mai yana ganin abokinsa ya zo ranar Asabar ya ɗauki daidai da nasa, ba zai daɗe ba zai fara sa kuɗin gyara a aljihu yana gaya wa kansa haƙƙinsa ne. Daga nan amana ta fara tsagewa.

A tsarin albashi kuwa, shekarar ta ƙare da hasarar jaka 300, Alhaji ya ɗauki 200, Makaniki 100, a rage daga jarin kowa. Ba zan ɓoye ba, wannan shekarar za ta yi wa Alhaji ɗaci. Amma haka jari yake: shi ne yake cin kaso mafi girma ranar samu, shi ne kuma yake ɗaukar mafi girma ranar rashi. Abin da za ku iya yi don sassautawa shi ne ku rubuta tun yanzu cewa idan ciniki ya kasa wani adadi wata uku a jere, za a rage albashin kowa da kashi ɗaya cikin huɗu har kasuwa ta farfaɗo. A watannin farko ma, kafin shago ya tsaya da ƙafarsa, ana iya biyan rabin albashi, a rubuta sauran a matsayin bashin da shago zai biya kafin a raba riba ta farko.

Akwai abin da ba a yi, a doka da a addini. Kada Alhaji ya ce, "Ni dai a ba ni jaka 50 duk wata, a ci riba ko a faɗi, kuma jarina yana nan." Dokar OHADA tana ɗaukar sharaɗin da ya kuɓutar da abokin tarayya daga hasara baki ɗaya, ko ya ba mutum ɗaya dukan riba, kamar ba a rubuta shi ba. A fiƙihu kuma kuɗin da aka lamunce dawowarsa tare da ƙari tsayayye ya koma bashi mai ruwa. A mazhabar Malikiyya, idan mutum biyu suka haɗa dukiya, riba da hasara suna bin gwargwadon abin da kowa ya zuba, aikin ma haka ake so ya kasance. Tunda a nan mutum ɗaya ne zai yi mafi yawan aikin, ku rubuta yarjejeniyar albashi a takarda dabam, ku kai wa malamin da ya san babin ciniki ya duba duka biyun kafin ku sa hannu. Idan kuwa ɗaya bai kawo ko dala ba sai aikinsa, wannan ƙiradi ne, hukuncinsa dabam: a raba riba da kason da aka yarda, kamar rabi ko sulusi, hasarar kuɗi tana kan mai kuɗi, mai aiki kuma wahalarsa ce ta tafi, matuƙar bai yi sakaci ko ha'inci ba.

Mataki na uku: ku yarda da abin da ake kira riba, da ranar raba ta

Kuɗin da ke cikin akwati da yamma ba riba ba ne. Mafi yawansa kuɗin kayan da za a sake sarowa ne. Shaguna da yawa sun mutu suna ciniki, saboda masu su sun riƙa cin uwar kuɗi suna zaton riba ce, sai wata rana aka ɗaga kai aka ga kantoci wayam.

Ba a sanin riba sai an ƙirga kaya. Ku sa rana, sau biyu a shekara, ku rufe shago ku biyu ku ƙirga komai, daga taya har ƙaramin kusa, a kan farashin sari. Kayan da suka shekara ba su motsa ba a rage musu daraja. Ku haɗa da kuɗin akwati da na banki da bashin da kuke bi wanda kuke da tabbacin za a biya, ku cire bashin da ake bin ku. Abin da ya ɗara na ƙirgar baya shi ne ribar wannan tsakanin, matuƙar ba a yi rabo ko ƙarin jari a tsakani ba. Wanda yake saro kaya da naira ya rubuta canjin ranar a jikin rasit, domin da sefa za a yi lissafi.

Rabo kuwa sau ɗaya a shekara ya isa. Ni da zan zaɓa, zan sa shi kafin azumi ko kafin babbar salla, lokacin da kowa yake bukatar kuɗi, domin idan ba a ba mutum ta ƙofa ba zai nema ta taga. Ku rubuta kason da za a bari a shago, kamar rubu'in riba. Idan kamfaninku SARL ne, wato kamfani mai rajista wanda hasarar kowa take tsayawa a kan abin da ya zuba, doka ma ta tilasta a ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na ribar shekara har ajiyar ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jari.

Sannan ga ƙananan ramukan da suke cinye shago a hankali. Alhaji ya biyo ya ce a ba shi jaka 10 zai kai gudummawar suna. Ƙanen Makaniki ya kawo motonsa aka sa masa sabuwar sarƙa, ba a karɓi kuɗi ba. Kowanne ƙarami ne, amma kowa nasa yake mantawa, na abokinsa yake tunawa. Ku buɗe wa kowannenku shafi a bayan littafi. Duk abin da mutum ya ɗauka, kuɗi ko kaya, shi ko danginsa, a rubuta a shafinsa da kwanan wata, a cire daga rabonsa ranar rabo. Bashin abokan ciniki ma a sa masa iyaka: Makaniki yana iya bayar da bashi har jaka 15 ga mutum ɗaya, jimilla kada ta wuce jaka 200. Abin da ya haura haka ba tare da yardar Alhaji ba, idan ya mutu, a shafin Makaniki zai faɗa.

Ranar da shago ya bukaci ƙarin kuɗi

Wannan ranar tana zuwa, kuma yawanci mutum ɗaya ne yake da kuɗi a hannu. An samu tayoyi da araha, ana neman jaka 600, Alhaji ya ciro ya bayar. Bayan shekara biyu shi yana cewa jari ya ƙara, kasonsa ya hau. Makaniki yana cewa ai rance ne. Kafin kuɗin su shiga akwati, ku rubuta sunansu. In rance ne, a sa ranar biya, a biya shi ba ƙari, kason kowa yana nan yadda yake. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ciki. In ƙarin jari ne, to sai a sake lissafi: hannu 120 sun ƙaru, Alhaji ya koma 520 cikin 720, Makaniki ya sauko daga sulusi zuwa ƙasa da kashi 28 cikin ɗari. Dole ya ji wannan da kunnensa ya yarda, kuma a ba shi dama ya zuba nasa gwargwado idan yana iyawa.

Ta wannan ƙofar ce kuma Makaniki zai iya hawa. Ku rubuta cewa a cikin shekara uku yana da damar sayen hannu 100 daga na Alhaji, da kuɗin rabonsa, har su koma 300 da 300. Farashin kowane hannu shi ne darajar shago a ƙirgar ƙarshe a raba gida 600. Mutumin da ya san guminsa yana mayar da shi mai rabin shago ba ya tunanin buɗe nasa a tsallaken titi.

Mataki na huɗu: wa yake yanke me

Ku rubuta aikin kowa a layi biyar ko shida, ba sai an tsawaita ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada mai riƙe akwati ya zama shi ne mai duba littafi. Makaniki yana karɓar kuɗi yana rubutawa kullum, Alhaji yana dubawa duk mako, su biyu su sa hannu a ƙasan shafi. Ba zargi ba ne, kariya ce ga Makaniki kansa, domin ranar da aka ga giɓi mako ɗaya kawai za a bincika. Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa: lambar asusu, rasit na sari, saƙon tura kuɗi, kowa ya iya gani duk lokacin da ya so. Kuɗin shago kada su kwana a asusun wayar ɗayanku.

Ku kasa shawara gida biyu. Ta yau da kullum, kamar farashin biji ko sayen kayan da ba su wuce jaka 100 ba, mai zaman shago ya yanke shi kaɗai, kada Alhaji ya riƙa bugo waya a kan kowane kusa. Manya kuwa sai da yardar ku biyu a rubuce: cin bashi da sunan shago, sayar da kayan aiki, ɗaukar ma'aikaci, musamman ɗan'uwa, canza albashi, buɗe reshe, shigo da mutum na uku.

Ku san abin da doka take cewa idan ba ku tsara naku ba. A SARL shawarar yau da kullum tana wucewa da ƙuri'ar masu fiye da rabin jari, canza dokokin kamfani kuma sai da kashi uku cikin huɗu. Ke nan Alhaji mai kashi biyu cikin uku yana iya wuce da ta farko shi kaɗai, amma ba ya iya ta biyu sai da Makaniki. Ranar da kuka koma rabi da rabi kuwa babu mai rinjaye, idan kuka saɓa komai ya tsaya, kuma saɓanin da ya hana kamfani aiki dalili ne da kotu take iya rushe shi a kai. Saboda haka ku zaɓi mai raba gardama tun kuna dariya da juna: dattijo ɗaya a cikin ƴan kasuwa wanda ku biyu kuke jin nauyinsa, wanda ba surukin kowa ba ne, ba kuma mai bin ɗayanku bashi ba. Ku je ku gaya masa, ya yarda, a rubuta sunansa.

Mataki na biyar: rajista, da abin da rashin ta yake jawowa

Mutane da yawa suna zaton idan ba su yi rajista ba doka ba ta san da su ba. Ta sani. Mutum biyu da suke tafiyar da harka kamar abokan tarayya ba tare da sun kafa kamfani ba, idan alƙali ya tabbatar da haka, ana yi musu hukuncin kamfanin da kowane ɗaya yake ɗaukar dukan bashin, ba iyaka. A aikace, idan Makaniki ya karɓo kayan miliyan 2 bashi da sunan shago aka kasa biya, mai kaya yana iya bin Alhaji shi kaɗai a kan dukan kuɗin, har ya kai ga buhunan hatsinsa. A SARL kuwa hasarar kowa tana tsayawa a kan abin da ya zuba, sai fa idan ya tsaya wa bashin da kansa, abin da bankuna suke yawan nema. Rajistar tana ba ku lambar rajistar kasuwanci, wato RCCM, da ta lampo, wato NIF, kuma cibiyar ƴan kasuwa ita ce wurin da za ku fara tambayar takardun da ake bukata da kuɗinsu. Wanda yake ma'aikacin gwamnati ya yi hattara, domin doka ta hana shi zama ɗan kasuwa da sunansa, ya nemi shawarar masanin doka kafin ya shiga.

Ko kun jinkirta rajista, kada ku jinkirta takarda. A rubuta ta da Faransanci don hukuma, da Hausa, boko ko ajami, don ku da iyalanku, a karanta da ƙarfi a gaban shaidu biyu.

Mataki na ƙarshe: rabuwa da mutuwa

Wannan shi ne sashen da ake tsallakewa, ana cewa kada a yi wa kai mugun baki. Amma tun ran gini ran zane. Mutum yana iya gajiya, ko ciwo ya kwantar da shi, ko tafiya ta kama shi. Ku rubuta cewa mai son fita zai ba da sanarwar wata uku, kuma abokinsa za a fara yi wa tayin hannunsa kafin kowa. A yi ƙirga ta musamman, a fitar da darajar kowane hannu. A ce shago ya kai miliyan 4 da jaka 200, kowane hannu jaka 7 ke nan, na Makaniki 200 sun kama miliyan 1 da jaka 400. Kada a ce a biya a rana ɗaya, domin hakan yana nufin a kwashe kantoci. A biya sulusi nan take, sauran a cikin wata goma sha biyu. Kayan aikin da ya shigo da su yana iya karɓarsu a kan farashin ranar, a cire daga kuɗinsa. Idan ciwo ya hana mai zaman shago aiki, ku faɗi wata nawa za a ci gaba da ba shi albashi kafin a ɗauki wani, hannun jarinsa kuwa yana nan ba a taɓa shi.

Idan ɗaya ya rasu, hannun jarinsa gado ne, na magadansa ne, amma aikinsa da albashinsa ba gado ba ne. SARL ba ya rushewa don mutuwar abokin tarayya, sai dai wanda ya saura yana iya wayar gari da magada takwas a matsayin abokan harka, kowa da ra'ayinsa. Ku rubuta cewa za a yi ƙirga a cikin kwana arba'in a gaban wakilin magada da dattijon nan, sannan wanda yake raye yana da damar sayen hannun mamacin da tsarin biyan da aka faɗa a sama, ko magada su naɗa mutum ɗaya ya riƙa magana da sunansu. Takardar a yi ta kwafi uku, ɗaya wurin kowannenku, ɗaya wurin dattijon, kuma kowa ya nuna wa matarsa ko babban ɗansa inda ya ajiye tasa.